Kwali ɗaya ko kwali cikin kwali: yadda za ka zaɓa idan kayanka masu fashewa ne

Duk wanda ke aika tangaran, gilashi ko na'ura mai laushin jiki ta hannun kamfanin kai saƙo yana tsakanin asara biyu. Idan ya matse hannu wajen naɗi, kaya su isa a farfashe. Idan ya saki hannu ya cika kwali da soso da takarda, kuɗin aike ya ninka, har ya cinye ribar. Shawarar da aka fi ji ita ce a ƙara abin kariya, a sa kwali cikin kwali, hankali ya kwanta. Ban yarda wannan shawara ta dace da kowane kaya ba. Akwai kayan da kwali biyu ya zame musu dole, akwai kuma waɗanda kwali ɗaya mai ƙarfi da aka ɗaure da kyau ya ishe su, kuma abin da ke raba su lissafi ne da za ka iya yi da tef ɗin awo da sikeli kafin ka yanki salatif ko taƙi ɗaya.

Sai an fara fahimtar yadda kamfani ke caji, don a nan zancen ya ɗauru. Mota da jirgi suna cika da girman kaya tun kafin su kai iyakar nauyin da za su iya ɗauka. Kwalin da aka cika da soso bai da nauyi, amma ya tare wurin da wani kaya zai zauna. Shi ya sa kamfanonin ke fitar da nauyi iri biyu ga kowane ƙunshi. Na farko shi ne abin da sikeli ya nuna. Na biyu shi ne nauyin girma, wanda ake samu ta ninka tsawo da faɗi da tsayi na wajen kwalin, a raba da wata lamba da kamfanin ya tsayar. Wanda ya fi yawa cikin biyun, shi za ka biya.

```
(L × W × H) / 5000
```

A nan L tsawo ne, W faɗi, H tsayi, awon da santimita ake yi, amsar kuma kilo ce. Lambar 5000 ita ce DHL Express da FedEx da UPS suka saba amfani da ita a aiken ƙasa da ƙasa. A dakon jirgin sama na manyan kaya an fi amfani da 6000, wadda ta ɗan fi sassauci. Inda ake awo da inci da fam, kamar Amurka, za ka ga 139 ko 166. A can ma abin ya ƙara tsauri ne a hankali: a 2015 FedEx da UPS suka fara caji da nauyin girma a kan dukkan ƙunshin da ke tafiya ta mota, ba manya kaɗai ba, a 2017 kuma lambar rabawar ta sauko daga 166 zuwa 139. Duk lokacin da lambar ta ragu, kwali iri ɗaya sai ya ƙara tsada. Saboda haka kafin komai, duba lambar da kamfaninka ke aiki da ita a kan irin aiken da ka zaɓa.

Ma'anar 5000 a aikace ita ce, kowane kilo ɗaya da ka biya ya saya maka wuri mai girman lita biyar. Idan ƙunshinka ya ci wurin da ya wuce haka, to iska kake biya wa kuɗin mota. Kayan fashewa kuwa kusan kullum a nan suke faɗawa, domin su kansu sau da yawa cikinsu fanko ne, ga kuma abin kariya da bai da nauyi.

Mu ɗauki tulun fure na tangaran, tsawonsa santimita 30, faɗinsa 15 ta kowane gefe, nauyinsa kilo ɗaya da rabi. Hanya uku ce a gaban mai aikawa.

Ta farko ita ce wadda mutane suka fi bi ba tare da tunani ba: a ɗauko kwalin da ke kusa, a ce mai 50 da 40 da 40, a sa tulun a tsakiya, a cike sauran wurin da takarda. Ninka ukun ka samu 80,000, raba da 5000, kilo 16 ke nan. Kayan da bai kai kilo uku a sikeli ba za a caje shi a matsayin kilo 16. Abin takaicin shi ne wannan kwali bai ma fi kariya ba. Faɗin wurin yana ba tulun damar yawo, takardar tana kwantawa saboda girgizar hanya, tulun ya nutse har ya jingina da bango ko gindin kwalin. An kashe kuɗi kuma ba a tsira ba. Wannan hanya a fitar da ita daga lissafi tun yanzu.

Ta biyu, kwali ɗaya da aka auna daidai da kayan. Ƙa'idar da manyan kamfanonin suke bayarwa ita ce a bar aƙalla santimita 5 na abin kariya tsakanin kaya da kowane bango, sama da ƙasa da gefe huɗu. Wato kowane awo zai ƙaru da 10. Cikin kwalin zai zama 40 da 25 da 25, idan ka haɗa da kaurin kwalin kansa wajensa ya kai kamar 41 da 26 da 26. Lissafi ya ba da 27,716, wato kilo 5.5 da ɗan ɗori, za a cike shi zuwa kilo 6.

Ta uku, kwali cikin kwali. Za ka naɗe tulun da kaurin santimita 3, ka sa shi a ƙaramin kwali da wajensa ya kai 37 da 22 da 22, ka rufe. Sannan ka sa wannan a cikin babba, ka bar santimita 5 ta kowane gefe tsakaninsu, ka cike da abin kariya. Wajen babban zai kai 48 da 33 da 33. Lissafi ya ba da 52,272, wato kusan kilo 10 da rabi.

Dubi abin da ya faru. A ido, bambancin kwalin hanya ta biyu da na hanya ta uku santimita 7 ne kacal ta kowane awo, abin da bai kai tsawon yatsa ba sosai. Amma nauyin da ake caji ya tashi daga 6 zuwa 10 da rabi. Dalili shi ne ƙarin yana shiga tsawo da faɗi da tsayi a lokaci guda, kuma ninka su ake yi, ba tarawa ba. Kuɗin ba lallai ya ninka daidai da kilo ba, tunda kilo na farko ya fi na bayansa tsada a yawancin jadawalin farashi, amma ƙarin babba ne, musamman idan jirgi zai ɗauka.

To me kake saya da wannan ƙarin? Abu biyu ne, kuma na gaske ne. Na ɗaya, kariya daga huda da matsi. Idan kusurwar wani kaya mai nauyi ta soki kwalin waje, ko aka ɗora masa abin da ya lotsa shi, akwai bango na biyu a ciki da bai taɓu ba. Na biyu, rage ƙarfin bugu. Lokacin da ƙunshi ya faɗo, kwalin waje ne ke tsayawa farat ɗaya, na ciki kuma yana ci gaba da nutsewa cikin abin kariya yana rage gudu a hankali. Abin da ke fasa tangaran shi ne tsayawa farat ɗaya, don haka duk santimitan da kayan ya samu na nutsewa kafin ya tsaya, ragin bugu ne. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: kwalin ciki yana mayar da kaya mai siffa marar tsari, mai wuya da hannu da baki, ya zama abu mai gefe shida a miƙe, wanda nauyinsa ke bazuwa daidai a kan soson da ke ƙarƙashinsa.

Kar ka ɗauka faɗuwa abu ne da sai an yi rashin sa'a. Ƙunshi yana bin bel mai gudu a cibiyar rarraba kaya, yana zamewa ta kan gangara, wasu kwalaye suna faɗo masa, ana jera shi a mota ta kowane gefe da ya samu wuri. Gwajin da ake kira ISTA 3A, wanda aka tsara don ƙunshin da bai wuce kilo 70 ba, yana jefar da kwali sau da dama a kan fuska da gefe da kusurwa, yana kuma girgiza shi, domin abin da hanya ke yi ke nan. Takardar da ka manna mai cewa kayan fashewa ne tana da amfani ga ɗan adam da ya karanta, amma bel ba ya karatu. Haka alamar da ke nuna sama: ka naɗe kayanka kamar za a kifa shi, domin za a iya kifa shi.

Yanzu mu juya misalin. A ce abin da za ka aika sassaƙen dutsen marmara ne, 25 da 15 da 15, mai nauyin kilo 10. A kwali ɗaya wajensa zai kai 36 da 26 da 26, nauyin girmansa bai cika kilo 5 ba. A kwali biyu zai kai 43 da 33 da 33, nauyin girmansa kilo 9.4. Dukansu suna ƙasa da abin da sikeli zai nuna, wato kilo 11 zuwa 12 idan an haɗa da kayan naɗi. A nan kwali na biyu bai ƙara maka komai ba sai nauyin jikinsa, abin da ba zai wuce kilo ɗaya ba. Wanda ya aika irin wannan kaya a kwali ɗaya don tsimi, ya ɗauki kasada a banza. Ƙari a kan haka, kaya mai nauyi shi ne ke fasa kwali daga ciki idan ya faɗo, don haka shi ya fi bukatar bango na biyu.

Wannan shi ne ma'aunin farko da nake ba kowa: auna kayanka, lissafa nauyin girma na hanyoyin biyu, ka kwatanta da sikeli. Idan sikeli ne ke rinjaye ko da an yi kwali biyu, yi kwali biyu, babu abin tattaunawa. Idan kayan mara nauyi ne kamar tulun nan, sai a shiga ma'auni na biyu, wato darajar kayan.

Lissafinsa mai sauƙi ne. A ce ƙarin kuɗin aike da kwali na biyu ya jawo ya kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kayan. Idan kana aika irinsa da yawa kuma kana da wani a ajiye da za ka maye gurbi, kwali biyu zai biya kansa ne kawai idan yana ceton kusan ɗaya cikin kowane goma da ka aika. Na ce kusan, domin fashewa ba kuɗin kaya kaɗai take ci ba, akwai kuɗin sake aikawa da ɓacin ran mai saye. Idan kwali ɗaya da ka ɗaure da kyau yana isa lafiya kusan kullum, to kwali na biyu hasara ce da kake biya a kowane aike. Amma idan kayan guda ɗaya ne tak a duniya, aikin hannu ko abin gado, ko na'urar da kuɗinta ya ninka kuɗin aike sau da yawa, wannan lissafi bai shafe shi ba. Sa shi a kwali biyu.

Siffar kaya ma tana da ta cewa. Kofi mai kaurin jiki, kwalba mai kauri, faranti na yau da kullum, duk suna jure kwali ɗaya. Gilashi mai siririn wuya, butar shayi mai dogon baki, mutum-mutumi mai miƙaƙƙen hannu, fitila mai rassa, waɗannan suna da wurin da ƙaramin matsi zai karya, su ne 'yan kwali biyu. Na'urar da ta zo a kwalinta na masana'anta kuwa, wannan kwalin an yi shi ne don a jera shi da 'yan'uwansa a kan katakon dako, ba don ya yi tafiya shi kaɗai ba. Ɗauke shi a matsayin kwalin ciki, ka sa masa na waje.

Idan ka zaɓi kwali ɗaya, to santimita biyar ɗin nan ita ce duk abin da ke tsakanin kayanka da ƙasa, don haka abin da ka cika ta da shi ya zama na kirki. A nan nake so in daɗe kaɗan, domin yawancin fashewar da ake ɗora wa kwali ɗaya laifin abin cikawa ne.

Leda mai ƙurajen iska ita ce ta naɗe jikin kaya. Ƙurajen su fuskanci kayan, a yi zagaye da yawa har kaurin ya kai, a kama da salatif don kar ta warware. Alamar cewa ta isa ita ce ka danna da yatsa ba ka ji gefen kayan ba. Tana aiki sosai ga kaya marasa nauyi da matsakaita, amma ƙarƙashin abu mai nauyi ko mai kaifi ƙurajen fashewa suke yi, kuma da sun fashe sai ta koma leda kawai. Takarda mai kauri da aka cukuikuya tana da kyau wajen toshe gurbi da hana motsi, da cika cikin tulu ko kofi, sai dai idan ta matsu sau ɗaya ba ta dawowa, don haka bugu na biyu zai tarar da ita a kwance. Matasan iska na leda ba su da nauyi, suna cike wuri da sauri, amma aikinsu toshe gurbi ne a kan kaya marasa nauyi, kuma tsini ɗaya ya isa ya sace su. Gutsattsarin soso da ake zubawa su ne na fi rashin yarda da su idan su kaɗai ne: girgiza tana sa su gudu daga ƙarƙashin kaya, kayan ya nutse ƙasa. Tsakanin kwali biyu suna iya aiki idan an danna su sosai, tunda kwalin ciki mai shimfiɗaɗɗen gindi ne. Soso mai tauri da aka yanka daidai siffar kaya, ko wanda ake sawa a kusurwoyi, shi ne ya fi duka, domin yana matsuwa ya dawo, kuma yana riƙe kaya a wuri guda. Ga sassaƙen marmara na misalinmu, shi kaɗai ne zaɓi. Tsofaffin tufafi da jarida ba sa cikin lissafi. Suna hana gogewa, ba sa shanye bugu. Idan kuma allon lantarki ne tsirara, a fara sa shi a jakar da ke hana tartsatsin lantarki kafin kowace leda ta taɓa shi.

Idan abubuwa da yawa ne a kwali guda, kowanne a naɗe shi daban, a raba su da kwali a tsakani. Tangaran biyu da suka taɓa juna za su fasa juna ko da bangon kwalin bai ji komai ba. Faranti a jera su a tsaye a kan gefensu, ba a kwance ba, domin ta gefe suka fi ƙarfi. Haɗa kaya yana rage kuɗi, amma ba kamar yadda ake zato ba: tulu biyu na misalinmu a kwali ɗaya mai 41 da 46 da 26 za su ba da kusan kilo 10, maimakon 12 idan an raba su.

Shi kansa kwalin, sabo ya fi. Kwalin da ya taɓa tafiya ko ya sha danshi ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa ko da ido bai gani ba. Wasu kwalaye suna da hatimin masana'anta a gindi mai nuna ƙarfin gefensu. Wanda aka rubuta wa 32 ECT shi ne na gama-gari mai bango ɗaya, kuma ga aiken ƙunshi ɗaiɗai bai kamata a ɗora masa abin da ya wuce kamar kilo 14 ba, ko da hatimin ya nuna fiye da haka. Ga kayan fashewa a kwali ɗaya, ni mai bango biyu nake zaɓa ko da kayan ba su da nauyi. Kaurinsa 'yan milimita ne kawai ya ƙaru, ba ya taɓa nauyin girma sosai, amma yana jure matsi da huda fiye da mai bango ɗaya nesa ba kusa ba. Wannan ita ce hanyar tsakiya da mutane da yawa ke tsallakewa: kwali ɗaya mai bango biyu da soso mai tauri yana ba da kaso mai yawa na kariyar kwali biyu a kan kuɗin kwali ɗaya. A rufe da salatif ɗin kwali mai faɗin santimita 5, a bi tsagar tsakiya da tsagogin gefe biyu, sama da ƙasa, yadda zai fito da siffar H. Kar a ɗaure da igiya, tana maƙalewa a bel.

Batun iyakar nauyi ba ya bukatar dogon bayani, sai dai a san iyakokin hawa-hawa ne. Manyan kamfanonin suna karɓar ƙunshi ɗaya har wajen kilo 68 zuwa 70, abin da ya wuce nan ya zama dakon manyan kaya a kan katako. Gidajen waya sukan tsaya tsakanin kilo 20 zuwa 30, gwargwadon ƙasar da za a kai. Amma tun kafin a kai iyakar ƙarshe akwai matakin da ake ƙara kuɗin ɗawainiya, wanda a kamfanoni da yawa yake farawa daga wajen kilo 23 zuwa 32, haka ma idan gefe ɗaya ya yi tsawo da yawa ko kayan ba a cikin kwali suke ba. Ga kayan fashewa, shawarata kar kwali ya wuce abin da mutum ɗaya zai ɗaga cikin sauƙi, kamar kilo 15 zuwa 20. Kwalin da ya yi wa ma'aikaci nauyi ja ake yi, ko a mirgina shi, ko a sake shi kafin ya kai ƙasa. Gara ka raba kayan gida biyu.

Kafin ka miƙa ƙunshin, rufe shi ka girgiza kusa da kunnenka. Idan ka ji motsi ko ƙara, buɗe ka ƙara cikawa. Idan kuma murfin ya kumbura, ka cika da yawa, kuma kumburin zai shiga awo, domin na'urar kamfani tana auna wuri mafi faɗi ne, galibi kuma ana cike ɓurɓushin awo zuwa sama. Santimita ɗaya ta kumburi a gefe uku tana iya tura ka zuwa kilo na gaba. Idan kwalin da kake da shi ya fi kayan tsayi, tsaga kusurwoyinsa huɗu zuwa inda kake so, ka lanƙwasa, ka rage masa tsayi. Mai aika kaya iri ɗaya a kai a kai kuwa ya gwada da guda ɗaya: ya naɗe shi a kwali ɗaya, ya sake shi daga tsayin ƙugu a kan daɓe mai tauri, ta gindi, ta gefe, ta kusurwa, sannan ya buɗe. Idan ya fita lafiya kuma abin kariyar bai kwanta ba, ya samu amsarsa. Idan ya tsage, ya fara canza abin cikawa zuwa soso mai tauri ya sake gwadawa, kafin ya koma ga kwali biyu.

Ɗauki hoton kayan a naɗe cikin kwalin kafin ka rufe, da hoton kwalin a kan sikeli da tef ɗin awo a jikinsa. Kamfanoni suna ƙin biyan diyya idan suka ga naɗin bai kai ƙa'idarsu ba, ko da ka bayyana darajar kayan ka biya kuɗin hakan, wasu kuma suna taƙaita abin da za su biya a kan gilashi da tangaran tun a cikin sharuɗɗansu. Karanta wannan sashe kafin ka zaɓi kamfani, kuma ka gaya wa mai karɓa ya ajiye kwalin da duk abin da ke ciki idan ya tarar da ɓarna, domin su za a nema a duba.